Tazarar da ke tsakanin hannu biyu: yadda doguwar sandar Ingila ke rinjayar takobi

A shekarar 1599 wani ɗan Ingila mai suna George Silver, wanda ya ƙware a faɗa da takobi, ya wallafa littafi a Landan kan dabarun kare kai da makamai. A ciki ya jera makaman zamaninsa, yana faɗin wanda ke rinjayar wani idan aka haɗu gaba da gaba a fili. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inda ya ajiye sanda. Ya ɗora ta sama da gatarin yaƙi, sama da takobin da ake riƙewa da hannu biyu, sama da takobi da garkuwa. Har ma cewa ya yi mutum ɗaya mai sanda ya fi ƙarfin mutum biyu da kowannensu ke riƙe da takobi da wuƙa. Sandar da yake nufi ita ce wadda mutanen Ingila ke kira kwatastaf: itace ne miƙaƙƙe mai tauri, tsawonsa daga ƙafa 6 zuwa 9, wani lokaci akan sa masa ƙarfe a kai ko a gindi, wani lokaci kuma a bar shi haka nan.

Silver mutum ne mai zafin ra'ayi, yana kishin makaman ƙasarsa ƙwarai, kuma littafin nasa yawancinsa raddi ne ga malaman takobi 'yan Italiya da suka zo Landan suna koyarwa. Saboda haka ba kowace maganarsa za a haɗiye ba tare da taunawa ba. Amma a batun sanda lissafi yana bayansa, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. A ganina sirrin makamin nan ya taru ne a wuri ɗaya: tazarar da ke tsakanin hannun gaba da hannun baya. Tsawo shi ido ke fara gani, amma wannan tazara ce ke sa tsawon ya yi biyayya ga mai riƙe da shi.

Bari mu ɗauki sanda guda mu bi ta daki-daki. Tsawonta santimita 240, wato kusan ƙafa 8, kaurinta kuma santimita uku da rabi. Idan da itacen ash busasshe aka yi ta, wanda shi ne aka fi amfani da shi a Ingila wajen ƙotar makamai da kayan aiki, nauyinta zai kai kilo ɗaya da rabi ko ya ɗan ɗara. Mai riƙe da ita ya sa hannun baya santimita 30 daga gindi, hannun gaba kuma santimita 60 gaba da wancan. Abin da ya rage a gabansa, daga hannun gaba zuwa kan sanda, santimita 150 ne. Lambobi biyun nan, 60 da 150, su za mu yi ta komawa gare su.

Abokin karawarsa yana riƙe da takobi mai ruwa santimita 90. Idan ya miƙa hannu gaba ɗaya, hannun ya ƙara masa kamar santimita 60, tsinin takobinsa zai kai santimita 150 daga kafaɗa. Mai sanda kuwa, idan ya miƙa hannun gaba haka nan, kan sandarsa yana santimita 210 daga jikinsa. Bambancin santimita 60 kenan, kusan taku ɗaya cikakke. Ba a nan abin ya tsaya ba. Mai sanda yana iya sassauta hannun gaba ya tura da na baya, sandar ta zame ta cikin tafinsa har hannun baya ya cim ma na gaba. A lokacin kan sandar ya kai santimita 270. Joseph Swetnam, wani malamin makamai da ya yi rubutu a 1617, ya koyar da irin wannan suka mai nisa, inda ake sakin hannun gaba a cilla sandar da hannun baya kaɗai sannan a fizgo ta da sauri. Ke nan mai takobi yana cikin haɗari tun yana taku biyu daga inda shi zai iya taɓa kowa.

Taku biyu ba su da yawa a baki, amma a faɗa lokaci ne mai tsawo. Silver ya gina koyarwarsa a kan cewa motsin hannu ya fi motsin jiki sauri, motsin jiki kuma ya fi motsin ƙafa. Mai takobi dole ya yi amfani da ƙafa kafin makaminsa ya yi aiki: ya ɗaga ƙafa, ya tura nauyinsa gaba, ya dire. Mai sanda hannu kawai zai motsa. Yayin da wancan ke tsakiyar taku, nauyinsa ya riga ya tafi gaba kuma ba zai iya fasawa ba, wannan ya soke shi a fuska ko a ƙirji. Idan sukar ta kuskure, ya ja da baya taku ɗaya, tazarar ta dawo yadda take, mai takobi ya sake farawa daga tushe. Mutane sukan ɗauka aikin sanda duka ne kawai. Malaman da suka rubuta a kanta sun ba suka muhimmanci sosai, domin ita ce ke tafiya a miƙe, ita ce ido ke wahalar auna nisanta, kuma kan itace mai faɗin santimita uku da rabi da nauyin mutum a bayansa ya isa ya karya haƙarƙari ko ƙashin fuska.

Yanzu mu zo ga abin da hannuwan biyu ke yi. Kowa ya san yadda bakanike ke banɓare taya da dogon ƙarfe: ya sa ɗan guntun bakin ƙarfen a ƙarƙashin taya, ya danna doguwar ƙotar, hannunsa ya yi tafiya mai nisa, bakin ƙarfen ya motsa kaɗan amma da ƙarfi mai yawa. Sanda a hannun mai faɗa wannan aikin take yi, sai dai a juye. Mutum yana riƙe da guntun ɓangaren, dogon ɓangaren yana wajen abokin gaba. Saboda haka abin da yake samu a kan sanda ba ƙarin ƙarfi ba ne, ƙarin gudu ne da ƙarin nisan motsi.

Ga yadda lissafin yake. Ka ɗauki hannun gaba a matsayin madogara, inda sandar ke juyawa. Hannun baya yana santimita 60 daga madogarar, kan sanda yana santimita 150. Idan hannun baya ya matsa santimita 20 zuwa hagu, kan sandar zai matsa santimita 50 zuwa dama, kuma a cikin lokaci ɗaya. Wato gudun kan sanda ya ninka gudun hannu sau biyu da rabi. A zahiri ma hannun gaba ba ya tsayawa cak. Yana turawa yayin da na baya ke ja, ƙugu yana juyawa, ƙafa tana takawa, duk suna ƙara wa kan sandar gudu. Shi kuma ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikin bugun ninkawa yake yi sau huɗu. Shi ya sa mutum mai matsakaicin jiki, ba tare da ya ɗaga sanda sama ya yi wani shiri da za a gani ba, zai iya fasa ƙwanƙwan kai da motsin da bai wuce tsawon kamu ɗaya a hannuwansa ba. Wannan ƙaramin motsi yana da wata riba kuma: kan sandar na iya barin gefen hagu ya koma dama, ko ya bar kai ya sauka gwiwa, kafin abokin gaba ya gama kai takobinsa inda ya zaci bugun zai sauka.

Abin da aka samu a gudu an biya shi da ƙarfi, kuma a nan ne mafi yawan masu bayani kan yi tuntuɓe. Kan doguwar sanda rarrauna ne idan aka ture shi ta gefe. A ce wani ya danna kan sandar da nauyin kilo 10. Don ta tsaya inda take, dole hannun baya ya riƙe kilo 25, hannun gaba kuma ya ɗauki kilo 35. Yaro ma zai iya kauda kan sandar ƙato idan ya taɓa ta a can ƙarshe. To ina fifikon yake?

Fifikon yana fitowa ne idan aka kwatanta da takobin hannu ɗaya. Shi ma yana da madogara, shi ma yana da guntun ɓangare da dogo, amma guntun ɓangarensa faɗin tafin hannu ne kawai, santimita 9 ko 10, daga ɗan yatsan nuni zuwa ƙaramin yatsa. Dogon ɓangaren kuwa santimita 90 ne. Kilo 10 a tsinin takobi zai nemi kusan kilo 90 zuwa 100 daga yatsu da wuyan hannu, abin da babu mai iyawa. Mai sanda yana fama da ninki biyu da rabi, da hannu biyu da kafaɗu da ƙugu. Mai takobi yana fama da ninki tara ko goma, da wuyan hannu ɗaya. Idan sanda ta sauko da gudu ya tare ta da rabin takobinsa na gaba, tarewar rushewa take yi, sandar ta ture ruwan takobin ta wuce ta same shi. Dole ya tare kusa da ƙota, inda takobinsa ke da ƙarfi, kuma hakan na nufin kai yatsunsa kusa da inda itacen ke sauka.

Idan sanda ta haɗu da sanda, wannan ka'idar ce ke raba gardama. A ce dukansu biyu suna jan hannun baya da ƙarfin kilo 25. Ɗaya sandarsa ta taɓa ta ɗan'uwansa a can kai, santimita 150 daga hannun gaba, abin da yake iya turawa a wurin kilo 10 ne. Ɗayan ya ɗan matso, wurin haɗuwar ya kasance santimita 50 daga hannunsa na gaba, shi yana tura kilo 30. Ƙarfinsu ɗaya, makaminsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku saboda wurin da itace ya taɓa itace. Gwani yakan ji wannan a tafinsa nan take. Idan ya ji sandar abokin gaba ta yi laushi, ya san ya kama rauninta, sai ya danne ta ya zame a kanta ya kai suka. Idan ya ji ta yi tauri kamar bango, ya san shi aka kama, ba ya tsayawa kokawa, sai ya sauke kan sandarsa ta ƙarƙashi ya ɓullo ta ɗaya gefen. Sabon shiga shi ne ke tsayawa yana turawa da ƙarfin tsiya a inda lissafi ya riga ya kayar da shi.

Abin da ya fi burge ni a makamin nan shi ne ƙotarsa ba ta da iyaka. Takobi an yanke masa wurin riƙo tun a maƙera. Sanda kuwa duk jikinta wurin riƙo ne, saboda haka mai ita yana sauya lissafin yana tsakiyar faɗa. Idan ya buɗa hannuwansa zuwa santimita 90, abin da ke gabansa ya koma santimita 120. Ya rasa nisa na santimita 30, gudun kan sanda ya ragu, amma ninkin da yake fama da shi ya sauko daga biyu da rabi zuwa ɗaya da sulusi, sandar ta yi ƙarfi sosai wajen tarewa da turewa. Idan abokin gaba ya samu ya shigo kusa, sai ya zame hannuwan zuwa tsakiya, su raba sandar kusan kashi uku. A wannan riƙon kai da gindi duk suna bugu, ɗaya na komawa ɗaya na fitowa, tsakiyar kuma tana tare sara. Wannan riƙon tsakiya shi aka fi nunawa a zane-zane da wasannin kwaikwayo, har mutane suka ɗauka shi ne asalin yadda ake riƙe sandar. Tsofaffin malaman Ingila, da Joachim Meyer na Strasbourg wanda ya wallafa nasa littafin a 1570, riƙon kusa da gindi suka sa a gaba. Dalilin a fili yake: wanda ya riƙe sandar ƙafa 8 a tsakiya tun farko ya zubar da nisan da ya ɗauko ta dominsa.

Mai karatu zai iya tambaya: in dai tsawo riba ne, me ya hana a yi ta ƙafa 12 ko 15? Amsar tana cikin wuyar juyawa. Sanda idan ta ƙara tsawo nauyinta na ƙaruwa, kuma nauyin yana ƙara nisa da hannu, abubuwa biyun suna haɗuwa su tsananta. Idan kauri bai canja ba, wuyar juya sanda daga gindinta tana ƙaruwa ne da ninkin tsawo sau uku a jere. Daga ƙafa 6 zuwa 8 tsawo ya ƙaru da sulusi kawai, amma wuyar juyawa ta ninka fiye da sau biyu. Daga ƙafa 8 zuwa 12 ta sake ninkawa fiye da sau uku. Mai sandar ƙafa 12 yana da suka ɗaya mai kyau. Idan aka kauda kan sandarsa gefe, kafin ya dawo da shi layi mai gajeriyar sanda ya riga ya wuce kan ya shigo ciki, inda doguwar ba ta da abin yi. Silver ya ba da hanyar auna tsawon da ya dace da kowane mutum: ya tsaya a miƙe, ya tsayar da sandar kusa da jikinsa da hannun hagu, ya miƙa hannun dama sama iyakar inda zai kai a jikinta, sannan ya ƙara wurin da hannu biyu za su zauna. Ya ce yawanci hakan kan faɗo ƙafa 8 ko 9, kuma irin wannan sandar tana rinjayar wadda ta fi ta tsawo idan mutum ɗaya ne da mutum ɗaya.

Akwai labarin da ake yawan kawowa a wannan batu. A 1625 rundunar jiragen ruwan Ingila ta kai hari Kadiz a ƙasar Sifen, harin bai yi nasara ba, aka kama wani mutumin garin Tavistock na Ingila mai suna Richard Peeke. Bisa abin da shi da kansa ya rubuta aka buga a 1626, an kai shi garin Jerez gaban manyan ƙasar, ya nemi a ba shi makamin ƙasarsu, aka cire kan ƙarfen wani dogon gatari aka miƙa masa ƙotar. Ya kara da mutum uku masu siririn takobi da wuƙa, ya kashe ɗaya da bugun gindin sanda, ya kori sauran biyun, daga baya aka sake shi. Labari ne daga bakin mai shi, kuma an buga shi a lokacin da ake gaba da Sifen, don haka a karɓe shi da wannan sanin. Amma yadda ya bayyana abin ya dace da lissafin da muka bi. Mutum uku ba sa iya isowa a lokaci ɗaya idan mai sanda yana zagayawa yana sa ɗaya ya tare wa ɗaya hanya, kuma siririn takobi, duk da ya fi na sara tsawo, shi ne mafi rauni wajen tare itace mai nauyi.

Sanda tana da nata raunin, kuma wanda ya san shi ya san yadda ake cin mai ita. Na farko hannuwa: babu wani ƙarfe da ke kare yatsu, hannun gaba kuma shi ne mafi kusa da abokin gaba, don haka shi ake fara nema. Sara ɗaya a yatsu ya raba hannu biyun nan da aikinsu, ba tare da su ba kuwa sandar ƙafa 8 kaya ce kawai. Sannan ba ta da kaifi, ana iya cafke ta. Wanda ya kai doguwar suka ya yi jinkirin janyewa, kan sandarsa zai tsaya a gaban mutum a lokacin da ta fi rauni, hannu ɗaya ya isa ya riƙe ta yayin da ɗayan ke kawo wuƙa. Tana kuma buƙatar fili. A cikin ɗaki mai gajeren rufi, ko lungu, ko cunkoson jama'a, gindinta na karo da bango, kanta na maƙalewa, wuƙa ta fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Itacen kansa yana iya cin amanar mai shi. Ƙarfin sanda yana cikin zaren itacen da ke tafiya daga gindi har kai ba tare da yankewa ba. Idan aka yanko ta da zarto daga katako ba a bi zaren ba, za ka ga layukan itacen suna karkata suna fita ta gefe, kuma daidai wurin za ta tsage a bugu mai ƙarfi, ta bar tsini mai kaifi. Haka ma inda akwai ƙulli, wato gurbin tsohon reshe. Shi ya sa ake son ɗayan biyu: ko matashin itace da ya tashi a miƙe a sare shi sukutum, ko gungume a tsaga shi da gatari da turaku yadda zai rabu bisa zarensa, sannan a fere. Ɗanyen itace yana da nauyi kuma yana lanƙwashewa yayin bushewa, wanda ya tsufa ya bushe ƙayau kuma yana karyewa farat ɗaya. Ana gane lafiyayyar sanda ta bin layukanta da ido daga ƙarshe zuwa ƙarshe, da kuma buga gindinta a ƙasa mai tauri: mai lafiya tana ba da sauti tsararre, mai ɓoyayyar tsaga tana yin ƙara kamar abin da ya saki. An fi son ash saboda yana haɗa tauri da ɗan lanƙwasa, yana shanye bugu bai karye ba. Ana yi da itacen ok ma, ya fi nauyi, bugunsa ya fi tsanani, amma ya fi gajiyar da hannu.

Daga nan dalilin da ya sa ta zama makamin talakawa ya fara bayyana. Takobi sai an haƙo tama, an narka, maƙeri ya yi kwanaki a kansa, an yi masa ƙota da kube. Sanda kuwa dajin ƙauye ke ba da ita. A Ingila an daɗe ana sare bishiyoyi irin su ash daga gindi a bar kututturen ya sake toho, bayan wasu shekaru a samu sanduna miƙaƙƙu da yawa daga tushe ɗaya, ana yin shinge da ƙotoci da itacen wuta da su. Mutumin da ke fere wa cokalin ciyawarsa ƙota ya iya fere sanda. Idan ta karye, asarar ba ta wuce aikin yini ba. Jikinsa ma ya riga ya saba da motsin. Wanda ya tashi yana sussuka da sanda mai gaɓa biyu, yana ɗaga ciyawa da dogon cokali, yana yankan shinge da lauje mai doguwar ƙota, ya san turawa da hannu ɗaya da ja da ɗaya, ya san zame hannu a jikin ƙota, ya san juya ƙugu. Takobi yana neman sabon ilimi na daidaita kaifi da kusurwar sara. Sanda ba ta da gefen da ya fi wani, duk inda ta sauka ta yi aiki.

Doka ma ta taka rawa, ko da yake ba yadda ake yawan faɗa ba. Ba a hana talakan Ingila mallakar makami ba, tilasta masa ma aka yi. Dokar Winchester ta 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta wajabta wa kowane namiji daga shekara 15 zuwa 60 ya ajiye makami gwargwadon dukiyarsa: mai hali sulke da kwalkwali da takobi da doki, marar hali kuma makamai masu doguwar ƙota da wuƙaƙe da baka. Ana sa ran kowa ya fito idan aka yi kururuwar ɓarawo. Abin da hukuma ta sa wa ido shi ne yawo da makami cikin jama'a, kamar yadda dokar Northampton ta 1328 ta hana shiga kasuwanni da wuraren taro da shirin yaƙi. A nan sanda ta samu hanya. Matafiyi yana dogara da ita, makiyayi yana kora da ita, mai ɗaukar kaya yana rataya ƙunshinsa a kanta, mai tsaron gari da dare yana riƙe da ita. Ba wanda zai ga mutum da sanda a hanya ya ce da niyyar faɗa ya fito. Sai dai a lura, sandar da ake yawo da ita kullum yawanci ba ta kai ƙafa 8 ba, ta fi kusa da tsawon mutum, kuma abin da muka lissafa yana raguwa gwargwadon haka. Duk da haka bayanan masu binciken kisa na Ingila a ƙarni na 14 suna yawan ambaton sanda tare da wuƙa a cikin abubuwan da aka kashe mutane da su, wanda ke nuna ita ce abin da ke hannu idan rigima ta tashi a gona ko a hanya.

Kuskure ne a ɗauka sanda makamin wanda ya rasa takobi ne kawai. Ƙungiyar malaman makamai ta Landan, wadda Sarki Henry na Takwas ya ba izini a 1540, tana gwada ɗalibanta a bainar jama'a kafin ta ɗaga darajarsu, kuma sanda tana cikin makaman da ake gwajin da su. James Figg, shahararren ɗan damben Ingila da ya rasu a 1734, yana karawa da sanda da takobi a gaban 'yan kallo kamar yadda yake yi da hannu. Abin da takobi ya fi sanda da shi ba a fagen karawa yake ba, a wajen ɗauka yake. Yana rataye a ƙugu, hannu biyu suna sake, ana shiga gida da shi, ana hawa doki da shi, yana kuma shaida matsayin mai shi. Sandar ƙafa 8 tana cinye hannu ɗaya duk yini, kuma sai an jingine ta a bakin ƙofa.

Inda sanda tsura ta gaza gaba ɗaya shi ne gaban sulke. Kwalkwali da farantin ƙarfe da rigar auduga mai kauri a ƙarƙashi suna baza ƙarfin bugu a wuri mai faɗi, kan itace kuma ba ya huda su. Maganin da aka samo bai taɓa ƙotar ba, kai kawai aka sauya. Sojan ƙasa na Ingila ya ɗauki laujen yankan shinge, aka ƙara masa tsini a gaba da ƙugiya a baya, aka ɗora a kan sandar ash mai tsawon da aka saba. Riƙon bai canja ba, tazarar hannuwa ba ta canja ba, shi ya sa malamai ke fara koyar da sanda a matsayin tushen duk makamai masu doguwar ƙota. A yaƙin Flodden na 1513 sojojin Skotland sun zo da mashi irin na nahiyar Turai mai tsawon da ya haura ƙafa 15, wanda ke aiki muddin sahu yana haɗe, tsini na bin tsini. Da suka gangaro tudu suka faɗa ƙasa mai laka, sahun ya warwatse, kowane mashi ya zama doguwar sanda a hannun mutum ɗaya. 'Yan Ingila masu lauje mai ƙotar kusan ƙafa 8 suka riƙa ture kawunan masun suna shiga ciki. Da 'yan Skotland suka yar da masun suka zare takubba, sai ya zama laujen ya fi takubban nisa, aka kashe Sarki James na Huɗu tare da manyan ƙasarsa da dama a wannan rana.